Yadda ake rubuta sharaɗin anko, kala da zuwa da yara a katin biki ba tare da an ɓata wa kowa rai ba

Shekarun baya, a bikin wata ƙanwata da aka yi a nan Kaduna, ni aka ɗora wa rubuta katin gayyata, na kuwa yi abin da yawancinmu muke yi: na ɗauko katin wani biki da ya wuce, na canja sunaye da ranaku, na bar sauran yadda na same shi. A can ƙasan katin akwai wani ɗan layi na Turanci da ƙananan haruffa, mai cewa ba a zuwa da yara. Daren liyafa, wajen ƙarfe takwas da rabi, aka kira ni bakin ƙofar ɗakin taro, na tarar da gwaggonmu, yayar mahaifinmu, tsaye riƙe da hannun jikokinta biyu da suka sha kitso da lalle, mai tsaron ƙofa ya tare hanya yana nuna mata layin nan da yatsa. Gwaggo ba ta karanta Turanci, kuma babu wanda ya faɗa mata komai da baki. Na shigar da su, amma har aka tashi ba ta taɓa abinci ba, kuma sai da mahaifinmu ya taka har gidanta a Tudun Wada kafin maganar ta mutu. Mai tsaron ƙofa bai yi laifi ba, abin da aka rubuta ya bi. Laifin nawa ne, ni da na sa sharaɗi ban tsaya na yi tunanin wanda zai faɗa kansa ba.

Tun daga ranar na fahimci cewa ba taushin kalmomi kaɗai ke hana ɓacin rai ba. Duk sharaɗin da aka rubuta a kati yana rage faɗin ƙofa, don haka wanda ya rage ta a wani wuri dole ne ya nuna inda ya bar ta a buɗe, kuma ya tabbatar manya sun ji daga bakinsa kafin su gani a takarda.

Mataki na farko: raba tarukan kafin ka rubuta komai

Bikinmu ba taro ɗaya ba ne. Akwai sa lalle, kamu, ɗaurin aure, wuni ko walima, wani lokaci da liyafar dare wadda aka fi sani da dina, sannan kai amarya. Kuskuren da aka fi yi shi ne a jera waɗannan duka a kati ɗaya, sannan a sa sharaɗi guda a ƙasa, mai karatu ya rasa ko ɗaurin aure ake nufi ko dina. Saboda haka ka ɗauki takarda, ka rubuta kowane taro a layinsa, ka amsa tambayoyi uku a gabansa: a ina za a yi, mutum nawa wurin zai ɗauka, kuma su wa ake so su zo.

Da zarar ka yi haka za ka ga yawancin tarukan ba sa bukatar sharaɗi ko kaɗan. Ɗaurin aure, ko a Masallacin Sultan Bello aka yi shi ko a ƙofar gidan waliyyin amarya a Rigasa, taro ne na shaida, kuma yawan jama'a shi ne adonsa, don haka ba a sa masa dokar tufafi, ba a kuma cewa kada a zo da yaro. Wunin da ake yi a gida, inda aka kafa rumfa aka ɗora tukwane, shi ma haka yake. Wanda ya rubuta "ban da yara" a katin wunin gida ya jawo wa kansa magana ne kawai, domin yaran unguwa ba sa jiran kati. Sharaɗi yana da ma'ana ne a taron da aka kama wuri da kuɗi, mai ƙidayayyun kujeru da ƙidayayyen abinci, wato galibi kamu da dina.

Daga nan sai ka raba katin gida biyu. Babban kati ya ɗauki tarukan kowa da kowa, babu sharaɗi a jikinsa. Taron da ke da iyaka a yi masa ɗan ƙaramin katin shiga daban, wanda za a saka cikin ambulan ɗin waɗanda aka ware kaɗai. Kada a ambaci dina a babban kati matuƙar ba duk mai riƙe da shi ne zai shiga ba, domin sanar da mutum taron da ba a gayyace shi ba ya fi a ƙyale shi ciwo. Wannan rabon kaɗai yana kashe fiye da rabin rigimar tun ba a kai ga zaɓen kalmomi ba.

Mataki na biyu: anko kake nufi ko kala

Mutane suna haɗa waɗannan biyu, alhali nauyinsu a aljihun baƙo ba ɗaya ba ne. Anko shi ne a fitar da wata atamfa ko leshi ko yadi takamaimai, kowa ya saya ya ɗinka. Kala kuwa launi ne kawai, kowa ya buɗe akwatinsa ya ɗauko abin da yake da shi. Matar da aka ce mata anko za ta sayi turmin atamfa, yadi shida, ta biya tela, wataƙila ta nemi mayafi da takalmin da za su shiga da shi, kuma idan a watan Disamba ne ko makonnin da ke gaban azumi, lokacin da bukukuwa suke cunkushewa a garin nan, mai yiwuwa anko na uku ke nan da ya same ta cikin wata guda. Matar da aka ce mata kala kuwa wataƙila ba za ta kashe ko sisi ba.

A ra'ayina, anko bai kamata ya hau katin gayyata ba sam. Anko maganar cikin gida ce, ta ƙawayen amarya, da abokan ango, da 'yan'uwan da suka saba yi wa juna, kuma ta hanyar da suka saba magana ya kamata ta bi, ko a taron dangi ko a zaurensu na WhatsApp. Idan ya hau kati, ya zama kamar kuɗin shiga, wanda bai da hali sai ya zaɓi ɗayan biyu: ya ci bashi, ko ya ƙi zuwa ya ƙirƙiro uzuri. Sananne ne a hadisi cewa mafi munin abinci shi ne na walimar da ake kiran mawadata a bar matalauta, kuma ankon dole yana iya kai biki ga wannan hali ko da masu bikin ba su nufa ba.

Saƙon anko ya fita da wuri, kamar mako shida zuwa takwas kafin biki, domin teloli, musamman idan salla ta gabato, ba sa karɓar ɗinkin gaggawa sai da ƙarin kuɗi. Ya kuma ƙunshi abu huɗu: wane taro za a sa shi, nawa ne kuɗinsa, wa ke riƙe da shi, da ranar da za a rufe karɓa. Ga yadda nakan tsara shi:

"Assalamu alaikum 'yan'uwa. An fitar da atamfar da za a sa ranar kamu ga mai sha'awa, turmi naira kaza, tana wajen Anti Wance har zuwa ranar kaza. Wadda ba ta samu dama ba ta sa duk abin da take da shi mai ruwan hoda ko ruwan madara. Zuwanku shi ne ya fi mana komai."

A lura da abu biyu a nan. Na farko, an faɗi kuɗin a fili, domin cewa "a tuntuɓi wance don jin farashi" yana tilasta wa mace ta kira, ta ji kuɗin, sannan ta ji kunyar janyewa. Na biyu, an ba da mafita ta gaske, wato kalar da za ta saje da ankon, yadda wadda ba ta saya ba ba za ta fita daban a hoto ba. Jimlar "ba dole ba ne" ita kaɗai ba ta isa ba, kowa ya san ana faɗinta ne don kara. Abin da ke nuna da gaske ake shi ne a ambaci abin da za a sa a madadinsa. Kuma kada a rubuta "ga wanda ba shi da hali", domin babu mai son ya shigo taro tufafinsa suna shelar talaucinsa. "Wadda ba ta samu dama ba" ya haɗa mai ƙarancin kuɗi da wadda telanta ya yaudara da wadda saƙon ya iske a makare.

Wani abu kuma da ba a rubutawa amma yake warware duk abin da aka rubuta shi ne rabon kayan biki. Idan an ce anko ba dole ba ne, sannan ranar kamu aka bi masu anko kaɗai da robobi da jakunkuna, ko aka zaunar da su a gaba aka tura sauran baya, to saƙon ya zama ƙarya, kuma mata ba sa mantawa da irin wannan.

Mataki na uku: kiran kala da sunan da kowa zai gane

Kala ita ce za ta iya hawa kati, amma da sharaɗin a kira ta da sunan da mai karatu ya sani. Masu tsara kati suna son sunayen launi na Turanci irin na masu kwalliyar ɗakin taro, waɗanda ko mai sayar da yadi a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi sai ya ce a nuna masa hoto. Hausa kuwa tana da nata sunayen da suke ɗauke da hotonsu a ciki: ruwan hoda, ruwan goro, ruwan toka, ruwan madara, ruwan hanta, ruwan ƙasa, ruwan ƙwai, ruwan gwal, sararin samaniya. Duk wanda ya ji "ruwan hanta" ya san jan da ake nufi, mai duhu, ba jan wuta ba.

Inda ake samun ruɗani shi ne shuɗi da kore, domin kowannensu yana da faɗi. "Shuɗi" zai iya kawo maka mai duhu kamar rinin baba, ya kuma kawo maka sararin samaniya a taro ɗaya. Idan hakan bai dame ka ba, to ka bar shi a buɗe, ka rubuta "kowane irin shuɗi", ka hutar da mutane. Idan kuwa wani takamaimai kake so, ka ƙara masa siffa, "shuɗi mai duhu" ko "kore mai haske", sannan ka sa mai buga kati ya ɗora ɗan da'irar launin a gefen rubutun. Sai dai kada ka dogara da da'irar kaɗai, domin launin da ka gani a fuskar kwamfuta ba lallai ya fito haka a takarda ba, kuma hoton da ya zaga wayoyi yakan canja kama daga wannan waya zuwa waccan. Suna da hoto tare su ne suke tsare juna.

Kada kala ta wuce biyu a taro guda, kuma ɗaya daga ciki ta kasance irin wadda kusan kowa yana da ita. Ga maza abin ya fi sauƙi: farar shadda ko farin yadi, wanda da wuya ka sami magidancin da ba shi da shi. Idan ana son bambanta dangin ango da na amarya, hula ko ɗankwali ya wadatar, ba sai an canja kaya gaba ɗaya ba. Lafazin da ya dace a kati shi ne na fata, ba na umurni ba. "Za mu ji daɗin ganinku cikin ruwan hoda ko ruwan madara" ya fi "Dole a sa ruwan hoda", kuma ya fi "Kalar biki: ruwan hoda" tsurarsa, wanda bai nuna ko wanda ya zo da wata kala zai shiga ba.

Idan amarya tana son a bar mata wata kala ita kaɗai, kada a rubuta "an hana sa kaza". A rubuta "an keɓe wa amarya ruwan gwal", kowa zai gane ya kuma yi murmushi. Wannan yana da muhimmanci a Kaduna ta wata fuska: a ɗaurin auren masallaci maza sukan sa fari, amma a auren coci farar riga ta amarya ce, don haka iyalin da za su gayyaci abokan da ba su saba da al'adarsu ba suna yi musu alheri idan suka faɗa musu a fili.

Mataki na huɗu: yanayin shiga

Nan ba sai an tsawaita ba, amma akwai tarko ɗaya. Garin nan ya tara kowa, kuma da wuya a yi biki a Unguwar Rimi ko Malali ba a gayyaci abokan aiki daga Barnawa ko Sabon Tasha ba. Masu walima sukan rubuta "a yi shigar mutunci" ko "ban da shigar banza", suna ganin sun yi bayani, alhali ba su faɗi abin da za a sa ba, sun dai nuna wa baƙuwa suna zarginta tun ba ta zo ba. Maganin shi ne a siffanta taron da tufafin, a bar hukunci. "Walimar mata ce, za a yi wa'azi, shiga: atamfa, leshi ko doguwar riga, tare da mayafi" ya gaya wa kowace mace abin da za ta ɗauko, kuma ya hau kan kowa daidai, ba a ware wasu ba. Idan baƙuwa ɗaya ko biyu ce kake tunanin ba ta saba ba, ka bar katin yadda yake, wadda ta gayyace ta ta kira ta ta yi mata bayani.

Mataki na biyar: maganar yara

Wannan ita ce mai wuyar, domin a wajenmu ɗa na kowa ne, kuma uwar da aka ce kada ta zo da ɗanta takan ji kamar ita aka ce kada ta zo. Don haka kafin ka nemi lafazi, ka fara tabbatar wa kanka cewa sharaɗin ya zama dole, ta hanyar lissafi. A ce ɗakin da kuka kama yana da tebur 20, kowanne kujera 10, wato mutum 200, kuma adadin da kuka biya wa mai abinci ke nan. A cikin waɗanda za ku gayyata, a ce mata 60 suna da ƙananan yara. Idan kowacce ta riƙo biyu, an sami ƙarin baki 120, fiye da rabin ɗakin, kuma waɗanda za su rasa wurin zama su ne dattawan da suka iso a makare, sau da yawa dangin ango da suka taso daga wani gari. Idan lissafinka ya nuna haka, kana da dalili na gaskiya, kuma shi za ka faɗa. Idan kuwa wurin fili ne mai yalwa, abinci kuma a manyan kuloli yake, to ka ƙyale yara su zo, ka ware musu tabarma ko tebur biyu da wata babba da za ta kula da su.

Idan sharaɗin ya tabbata, lafazinsa yana tafiya a kan ƙafa uku: wanda aka gayyata, dalilin iyakar, da inda ake maraba da yaran. "Ban da yara" ba shi da ko ɗaya daga cikin ukun, hani ne tsagwaronsa. Kwatanta shi da wannan:

"Saboda ƙarancin wurin zama, liyafar dare ta manya ce, kuma wannan kati na mutum ɗaya ne. Muna maraba da yaranmu a wunin ranar Asabar a gida."

Kalmar "yaranmu" ba ado ba ce, ita ce take nuna cewa masu biki ba su ɗauki 'ya'yan baƙi a matsayin kaya ba. Dalilin kuma ya rataya a kan wurin ko lokacin, ba a kan yaran ba. Kada a rubuta "don guje wa hayaniya" ko "saboda ɓarna", domin kowace uwa za ta ji ɗanta ake nufi. Kada kuma a rubuta abin da ya zama ruwan dare yanzu, wai "don iyaye su samu su huta", domin matar da za ta nemi wanda zai zauna mata da yara har sha ɗayan dare ta san ba hutu aka ba ta ba. Dalilin da ka faɗa ya zama gaskiya: wanda ya ce ƙarancin wuri, aka zo aka tarar da rabin ɗaki babu kowa, ya zubar da maganarsa.

Akwai tambayoyi uku da za a yi maka, gara ka shirya amsarsu tun kafin a buga kati. Ta farko, goyo. Jaririn da yake shan nono ba ya cin kujera ba ya cin abinci, kuma hana shi hana uwarsa ne, don haka shawarata a ƙara "ban da goyo" a cikin sharaɗin a fili, amma a tsara jimlar da kyau don kada a karanta ta a juye. "Masu goyo suna iya zuwa da jariransu" ba ta da harshen damo. A tuna kuma cewa mai goyo takan zo da 'yar raino, don haka a yanke tun farko ko za a ba ta kati na biyu.

Ta biyu, wane ne yaro. Budurwa 'yar shekara goma sha huɗu ba ta ɗaukar kanta yarinya, uwarta ma haka. Wasu sukan rubuta shekaru, amma babu mai tsaron ƙofar da zai tambayi takardar haihuwa, kuma musun shekaru a bakin ƙofa abin kunya ne. Tsarin kati ɗaya mutum ɗaya ya fi tsafta: idan ana son budurwar ta zo, a ba ta nata katin, a rubuta sunanta a bayan ambulan. Sai a guji rubuta "da iyalinsa" a ambulan ɗin taron da ke da iyaka, domin wanda aka rubuta wa "Alhaji Wane da iyalinsa" yana da hujjar zuwa da gidansa kaf, kuma gaskiya ce tasa.

Ta uku, yaran gida. Idan ƙannen amarya da 'ya'yan yayyenta za su halarta, baƙuwar da ta bar nata a gida za ta gan su suna zagaya tebur. Ko dai sharaɗin ya hau kan kowa, ko a taƙaita ga 'yan ƙalilan da ke da aiki a taron, kamar masu rakiyar amarya, a kuma faɗa wa 'yan'uwa haka tun farko. Abin da ba ya yiwuwa shi ne a ƙyale 'ya'yan ɓangare ɗaya su zo a hana na ɗaya, musamman a gidan da ke da ɗakuna fiye da ɗaya, inda za a fassara abin da ma'anar da ta fi biki daɗewa.

Idan kuwa ana maraba da yara, a faɗa. Yanzu da hanin ya yawaita, uwaye da dama suna zama cikin shakka, kuma layi ɗaya, "Ku zo da yara, an tanadar musu wuri", yana cire musu ita.

Mataki na shida: baki ya riga kati

Zumunta a ƙafa take, kuma akwai mutanen da bai kamata su fara sanin sharaɗi daga takarda ba: kakanni, gwaggonni, innoni, kawunnai, surukai, da maƙwabtan da aka daɗe tare. Kafin a raba kati, kamar mako uku kafin biki, uwar amarya ko wani babba ya je ya same su. Ba a zuwa da sigar sanarwa, da sigar neman shawara ake zuwa: "Gwaggo, wurin da aka samu na dare ƙarami ne, kujerun a ƙidaye suke. Mun ce ko a bar jikokinki su yi nasu ranar wuni, ya kika gani?" Dattijuwar da aka yi wa haka ita ce za ta zama mai tsawatar wa sauran, domin maganar ta zama tata. Idan kuma ta ce ita dai da jikarta za ta zo, ka ji tun a ɗaki, ka ƙara kati ɗaya, ka huta.

Dangin ango ma a sanar da su kafin a kai aiki wajen mai bugawa, a kuma amince a kan lafazi ɗaya. Idan katin gidan amarya ya ce na manya ne, na gidan ango bai ce komai ba, to a bakin ƙofa za a gane, kuma baƙin da za a tare su ne waɗanda aka fi jin nauyinsu.

Mataki na bakwai: haɗa katin da duba shi

Ga yadda ƙaramin katin shiga zai kasance idan aka haɗa komai:

"Iyalan Alhaji Wane da na Malam Wane suna farin cikin gayyatar ........ zuwa liyafar auren 'ya'yansu, ranar Asabar da ƙarfe 7:30 na dare, a ɗakin taro kaza. Za mu ji daɗin ganinku cikin shuɗi mai duhu ko fari. Saboda ƙarancin wurin zama, wannan kati na mutum ɗaya ne. Masu goyo suna iya zuwa da jariransu. Muna maraba da yaranmu a wunin gida da rana. Don ƙarin bayani a tuntuɓi Wance."

Gayyata ce a gaba, fata a tsakiya, iyaka daga baya, kuma iyakar tana tafe da dalilinta da mafitarta. Sharaɗin ya kasance da haruffa daidai da sauran rubutun, kada a ɓoye shi a ƙasa yadda na yi, kada kuma a buga shi da manyan jajayen haruffa kamar gargaɗin kwalbar magani. Idan za a buga katin da Turanci saboda wasu baƙi, a sa Hausar a ɗaya fuskar, kuma ma'anar biyun ta zama ɗaya. Lambar da za a sa ta zama ta mutum mai haƙuri wanda yake da ikon cewa "to, ku zo da ita", ba ta amarya ba.

Kafin a buga da yawa, ka karɓi gwaji ɗaya ka ba mutum biyu su karanta, dattijuwa ɗaya da mai ƙananan yara ɗaya, ka tambaye su abin da suka fahimta: me za su sa, su wa za su zo da su, kuma a wane taro. Idan amsarsu ta saɓa wa nufinka, katin ne bai fita ba. Ka duba haruffa masu lanƙwasa, domin wasu na'urorin bugawa suna cinye su, su bar gurbi ko ɗan akwati a tsakiyar kalma. Katin shiga kuma kada a ɗauki hotonsa a tura a waya, domin abin da ya shiga zauren WhatsApp ya zama na kowa. Babban kati kaɗai ake turawa.

Abu na ƙarshe shi ne ƙofar kanta. Masu tsaron da aka ɗauko haya ba su san gwaggo ba, ba su san uwar ɗakin amarya ba, don haka a tsayar da mutum biyu tare da su, ɗaya daga kowane ɓangare, waɗanda suka san fuskokin dangi. A gaya musu ƙarara cewa ba a mayar da kowa saboda kalar tufafinsa, kuma duk wanda ya zo da yaro a shigar da shi ba tare da musu ba. Don haka ne ake barin tebur ɗaya a can gefe babu suna a kansa, a kuma ce wa mai abinci ya ƙara kamar faranti goma zuwa goma sha biyar a kan ɗari biyun da aka ƙidaya.